Yadda Ake Yanka wa Yaran Talla Geji Ba Tare da An Karya Gwiwar Gwani Ba

Dila mai yaran talla huɗu ko biyar yakan yi kuskure guda ba da niyyar cuta ba: da zarar gwanin cikinsu ya wuce gejin cinikin da aka yanka masa, sai a ɗaga gejin a wata mai zuwa. Maigida yana ganin ƙarfafa gwiwa ya yi. Shi kuwa yaron, abin da ya fahimta shi ne ƙwazo laifi ne.

Mu ɗauki misalin dilan kayan masarufi a Kasuwar Singa ta Kano. A ce gejin kowane yaro naira miliyan 10 ne a wata, bayan albashinsa, da kamashon kashi 1 cikin 100 har zuwa gejin, da kashi 2 a kan abin da ya haura. Wanda ya sayar da kayan miliyan 8 zai karɓi naira 80,000. Wanda ya kai miliyan 16 zai samu 100,000 na gejin, da 120,000 na miliyan 6 ɗin da ya ɗora, jimla 220,000. To, idan aka mayar da gejinsa miliyan 16, aiki ɗaya zai yi amma ya tashi da 160,000. An zaftare masa 60,000 saboda ya iya aiki.

Gane illar ba wuya. Duba littafin ciniki: idan odar gwanin ta kan ƙafe a makon ƙarshe na wata, sannan ta kwararo a makon farko na sabon wata, ɓoye ta yake yi. Haka ma zai yi idan aka ƙayyade iyakar kamashon da mutum zai iya samu. Kuma maigida ne ke asara, domin in ribarsa kashi 5 ce, wannan miliyan 6 ɗin ta kawo 300,000, ya ba yaro 120,000, ya riƙe 180,000.

Geji ya kamata ya bi ƙarfin yanki, ba ƙarfin mutum ba. Wanda ke zagaya shagunan Sabon Gari ba daidai yake da mai kai kaya ƙauyukan Dawakin Tofa ba. A duba cinikin yankin na wata 12, don kada hada-hadar azumi da sallah ta ruɗi lissafi, a yanka adadin da yara uku cikin biyar za su iya kaiwa, a rubuta, kowa ya sa hannu, kada a taɓa shi sai shekara ta zagayo.

Sharaɗi ɗaya ne bai kamata a sassauta ba: kamasho a kan kuɗin da suka shigo ake biya, ba a kan katan ɗin da ya fita bashi ba. In kuma yaran na da ikon yi wa kwastoma ragi, a lissafa kamashon a kan riba, in ba haka ba za su karya farashi don cika geji.

Maigida, ranar da kamashon gwaninka ya ba ka tsoro, ka fara lissafa abin da ya shigo maka da shi kafin ka taɓa gejinsa.