Kowa Da Lokacinsa: Yadda Ake Tsara Saƙon Kiran Intabiyu

Ma'aikatu da yawa sun daina tara masu neman aiki tun ƙarfe takwas na safe, a bar su a kan benci har la'asar. Yanzu kowa ana yanka masa lokacinsa, a tura masa ta tes, WhatsApp ko imel. Sai dai tsarin yana tafiya ne kawai idan an yi lissafi kafin a rubuta saƙon.

A ce wata makaranta mai zaman kanta a Kano za ta gana da mutum 10 masu neman aikin koyarwa. Kowa zai samu minti 20 a gaban kwamiti, a ƙara minti 10 na ba da maki da duba takardu, rabin awa ke nan. Daga 9:00 zuwa 1:00 za a ga mutum takwas. Sai a tashi sallar azahar da cin abinci, a ƙarasa da biyun da suka rage da 2:00 da kuma 2:30. Mai tahowa daga Katsina ko Dutse, shi ya fi cancanta da lokacin rana, na cikin gari su ɗauki safiya. Idan aka soke minti goman nan, jinkirin mutum na farko zai bi kowa har na ƙarshe.

Saƙon zai iya zuwa kamar haka: "Assalamu alaikum, Malama. Ana gayyatarki intabiyun aikin koyar da lissafi ranar Talata, 14 ga wata, da ƙarfe 10:30 na safe, a ofishin shugaban makaranta. Ki iso minti 15 kafin lokaci. Ki zo da takardunki na asali da fotokofinsu, da hoto fasfo biyu, da darasin minti biyar da za ki gabatar. Ki amsa kafin Lahadi."

Kalmar "takardu" ita kaɗai ba ta wadatar ba, gara a jera su: sakamakon sakandare, shaidar NCE ko digiri, takardar bautar ƙasa ga wanda ta shafa, takardar haihuwa, da katin ɗan ƙasa. Na asali dubawa kawai ake yi a mayar wa mai su, fotokofi ake riƙewa.

Kuskuren da ya fi yawa wajen kwafe saƙo yake faruwa: a sauya suna a manta da lokaci, sai mutum biyu su iso tare. Maganinsa a fara rubuta jadawali, a gwada kowane saƙo da shi kafin turawa. Haka kuma kada a zuba kowa a guruf ɗaya, domin sunaye da lambobin waya za su bayyana, alhali wani bai so wurin aikinsa na yanzu ya sani ba.

Shi kuma mai neman aiki, idan ya ga ranar mako ba ta dace da kwanan wata ba, ya tambaya nan take. In saƙon ya nemi a tura kuɗin rajista kafin a ba shi lokaci, to ya yi hattara, wannan sananniyar hanya ce ta 'yan damfara.