Makullin da Kowa Ya Sani: Sunan Shiga da Kalmar Sirrin da Rawuta Ke Zuwa da Su

Na'urar da ke karɓo intanet ta rarraba shi ga wayoyi da kwamfutoci, wadda ake kira rawuta, wasu kuma su ce modam ko akwatin wifi, tana da makullai biyu, amma yawancin masu ita ɗaya kawai suka sani. Makulli na farko shi ne kalmar sirrin wifi, wadda mai gida ke bai wa iyalinsa ko mai shago ke bai wa abokin ciniki domin wayarsa ta haɗu da intanet. Na biyu shi ne sunan shiga da kalmar sirrin mai gudanarwa, waɗanda ke buɗe shafin saiti, wato wurin da ake umurtar na'urar ita kanta: a sauya mata suna, a kori wannan waya a bar waccan, a ce mata ga hanyar da za ta bi wajen neman shafuka. Duk wanda ya riƙe makulli na biyu ya mallaki na farko, domin daga shafin saiti ana iya ganin kalmar wifi ko a sauya ta, alhali sanin kalmar wifi bai kamata ya bai wa kowa ikon taɓa saiti ba.

Matsalar ita ce kamfanonin da ke ƙera waɗannan na'urori sun daɗe suna fitar da dubban ɗaruruwansu da makulli iri ɗaya. Tsofaffin na'urorin TP-Link da yawa suna zuwa da `admin` a matsayin suna, da `admin` a matsayin kalmar sirri, ana kuma shiga shafinsu ta `192.168.0.1` ko `192.168.1.1`. Ƙananan na'urorin Huawei masu ɗaukar sim, irin waɗanda ake sa wa layin Airtel ko Moov ko Zamani, da yawansu ana shigarsu ta `192.168.8.1` da wannan `admin` ɗin. Na'urorin MikroTik kuwa, waɗanda masu sayar da tikitin wifi suka fi so saboda suna iya ƙayyade wa kowane tikiti lokacinsa, sun shafe shekaru suna zuwa da suna `admin` ba tare da kalmar sirri ko ɗaya ba, a adireshin `192.168.88.1`, sai a sababbin samfura ne aka fara buga wa kowace na'ura tata kalmar a jikin takarda. Waɗannan bayanai ba asiri ba ne, tunda suna cikin littafin na'urar, suna kuma cikin jerin da kowa ke iya samu a intanet, don haka ɗalibin kwaleji mai waya ba ya buƙatar wata gwaninta kafin ya gwada su.

A garuruwa irin su Madaoua da Bouza da Keita haɗarin yana da kama ta musamman, wadda ya dace a fahimta kafin a tsorata da abin da ba shi ne ya fi kusa ba. Mafi yawan na'urorin nan ta layin waya suke samun intanet, kuma kamfanonin waya kan tara masu amfani da yawa a bayan adireshi guda na waje, wanda hakan ke sa ya yi wuya wani daga wata ƙasa ya ƙwanƙwasa ƙofar na'urar kai tsaye. Ƙofar da ke buɗe ita ce ta ciki. Duk wanda aka bai wa kalmar wifi, ko ya karɓa daga wayar abokinsa, yana tsaye a bakin shafin saiti, kuma a wuraren sayar da tikiti da ba a raba hanyar abokan ciniki da ta mai gudanarwa ba, wanda ya sayi tikitin awa ɗaya ma yana iya isa wurin. A inda rawuta guda ke ɗauke da ofishin ƙungiyar manoman albasa, da ɗakin magani, da shagon tura kuɗi na maƙwabci, mutanen da suka taɓa haɗuwa da ita cikin shekara ɗaya sun fi ƙarfin lissafin mai ita.

A ɗauki misalin mai shagon cajin waya da tura kuɗi a bakin babbar hanya a Madaoua, wanda ya sa wa wifinsa doguwar kalma mai wuya amma ya bar shafin saiti a kan `admin` da `admin`. Wani da ya ba shi kalmar wifi sau ɗaya zai iya buɗe shafin, ya kunna wifin baƙi na biyu da mai shagon bai san da shi ba, sai a ga kuɗin data na wata guda ya ƙare cikin mako biyu ana zargin kamfanin waya. Idan na'urar mai sim ce, shafin nata yakan nuna saƙonnin da suka shigo layin, ciki har da lambobin tabbatarwa idan an yi kuskuren amfani da layin wajen buɗe wani asusu. Mafi muni shi ne sauya abin da ake kira DNS, wato ma'aikacin da ke juya sunan shafi zuwa adireshin lambobi, kamar mai nuna hanya a tasha. Idan aka musanya shi da na mayaudari, mutum zai rubuta sunan shafin bankinsa daidai amma a kai shi shafin bogi mai kama da na gaske. Yawancin shafuka a yau suna da takardar shaida da ke sa waya ta yi gargaɗi idan an yi wannan musanya, sai dai mutane da yawa sun saba danna ci gaba ba tare da karanta gargaɗin ba, a nan kuwa ake cin su.

Duniya ta ga girman lamarin a shekarar 2016, lokacin da wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta riƙa yawo a intanet tana gwada sunaye da kalmomin sirri na kamfani kusan 60 kacal a kan kyamarori da rawutoci, ta kame dubban ɗaruruwansu ta mayar da su rundunar kai hari. A ranar 21 ga Oktoba na wannan shekara aka yi amfani da ita a kan kamfanin Dyn na Amurka, manyan shafuka da dama suka gagara buɗuwa, kuma a ƙarshen shekarar wani reshenta ya afka wa kamfanin waya na Lonestar a Laberiya har intanet ɗin ƙasar ya jigata. Abin da ya biyo baya shi ne dokoki: jihar Kaliforniya daga Janairun 2020, da Birtaniya daga 29 ga Afrilun 2024, sun hana sayar da irin waɗannan na'urori da kalmar sirri guda ga kowa. Amma doka ba ta dawo da tsohon kaya, kuma tsohon kayan ne da na hannu ke ci gaba da shigowa kasuwannin yankin nan ta Konni da Maraɗi.

Gyaran bai kai minti goma ba. Mai na'ura zai haɗa wayarsa ko kwamfutarsa da rawutar, zai fi kyau ta igiya idan akwai, sannan ya duba takardar da ke manne a ƙasanta, inda ake rubuta adireshin shafin saiti da suna da kalmar kamfani. Idan takardar ta goge, a kwamfuta mai Windows ana rubuta wannan umurni, a ɗauki lambar da ke gaban `Default Gateway`, ko `Passerelle par défaut` idan kwamfutar da Faransanci take:

```
ipconfig
```

Wannan lamba ake rubutawa a wurin adireshi na manhajar buɗe shafuka, ba a akwatin bincike ba, kuskuren da ke ɓata wa mutane da yawa lokaci. Bayan an shiga sai a nemi sashen da ake kira `Administration` ko `System Tools` ko `Système`, a ƙarƙashinsa akwai `Password` ko `Mot de passe`. Nan ne wurin da ake nema, ba sashen `Wireless` ko `WLAN` ba, wanda kalmar wifi kaɗai yake sauyawa, kuma mutane da dama kan tsaya a can suna zaton sun gama. Za a buƙaci tsohuwar kalma sau ɗaya da sabuwa sau biyu, a adana, a fita, sannan a sake gwada shiga da tsohuwar domin a tabbatar an ƙi ta.

Inda na'ura ta yarda a sauya sunan shiga, a sauya shi, domin rabin makullin ke nan. Wasu ba sa yarda, a nan nauyin duka na kan kalmar sirri. A MikroTik ana ƙirƙirar sabon mai gudanarwa, a fita a shiga da shi a ga yana aiki, daga baya ne ake cire tsohon, don wanda ya cire tsohon kafin ya gwada sabon yana iya kulle kansa a waje:

```
/user add name=SABON_SUNA group=full password=SABUWAR_KALMA
/user remove admin
```

Game da kalmar kanta, lambar wayar mai shago ba ta da amfani tunda tana rubuce a allon shagonsa, haka sunan ɗansa ko garinsu haɗe da shekara. Shekarar haihuwa lambobi huɗu ce, kuma ko duk lambobi huɗu za a gwada ba su wuce 10,000 ba. Abin da ya fi shi ne a haɗa kalmomi huɗu marasa dangantaka, kamar sunan hatsi da na tsuntsu da na kayan aiki da na launi, a cusa lambobi a tsakani, tsawonta ya kai harafi 12 ko fiye. Dole ta bambanta da kalmar wifi, in ba haka ba an sake mayar da makullai biyu ɗaya. Rubuta ta a littafin da ake kullewa a gida ba laifi ba ne, ya fi manna ta a jikin na'urar nesa ba kusa ba.

Tunda an riga an shiga shafin, ya kamata a kashe `Remote Management`, wato izinin shiga saiti daga waje, a duba jerin wayoyin da ke haɗe, a kuma duba ko adireshin DNS ya koma wanda ba mai na'urar ne ya sa ba. Idan aka ga baƙon suna na wifi, ko mai gudanarwa na biyu, ko kalmar kamfani ta ƙi buɗewa alhali ba wanda ya tuna ya sauya ta, to a ɗauka wani ya riga ya shiga. A irin wannan hali sauya kalma kaɗai ba ya wadatarwa, sai an danna ɗan ramin `Reset` da tsinke na kimanin daƙiƙa goma yadda littafin na'urar ya nuna, an share duk saitin, sannan a sake gina shi daga farko.

Wannan rami kuwa shi ne iyakar duk abin da aka bayyana, domin yana mayar da na'urar kan makullin kamfani. Ma'aikacin da ya zo gyara bayan wuta ta ɗauke ko batirin sola ya mutu yakan danna shi, ya dawo da intanet, ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ƙofar kuma ta koma yadda take ranar da aka fito da ita daga kwali. Saboda haka mai na'ura ya ajiye ta inda hannun kowa ba ya kaiwa, kuma duk ranar da aka yi mata gyara, ko yaron shago da ya san kalmar ya bar aiki, ya zauna da kansa ya sake sa sabuwa kafin ya rufe shago.