Yadda Za Ka Haɗa Bidiyon Bayani da Da'ira da Alwatika Kawai

Malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti da ke son fahimtar da jama'a wani abu cikin ɗan gajeren bidiyo ba sai sun iya zane ba. Da'ira, murabba'i, alwatika da kibiya sun wadatar, kuma manhajar PowerPoint da ke kan kwamfutocin ofisoshi da makarantu tana iya motsa su har ta fitar da bidiyo. Abin da ke sa irin wannan bidiyo ya yi amfani shi ne kowane motsi ya zama yana faɗin wani abu da murya ke faɗa a daidai wannan lokaci. Bari mu bi aikin daga tushe da misali guda: bidiyon daƙiƙa 45 kan yadda sauro ke yaɗa zazzaɓi.

Kada ka fara da buɗe kwamfuta. Ɗauki takarda ka rubuta abin da za ka faɗa, jimla shida, kowace da saƙo ɗaya. Ga mara lafiya da ƙwayar cutar a jininsa. Macen sauro ta cije shi da dare ta zuƙi jinin. Ƙwayar ta yi kwana goma ko fiye tana girma a cikin sauron. Sauron ya ciji mai lafiya. Shi ma ya kwanta. Da ya kwana cikin gidan sauro, da sauron bai kai gare shi ba. A gefen kowace jimla, zana abin da ido zai gani, ko da zanen bai fi na ɗan firamare ba. Jimlar da ka rasa abin da zai motsa a cikinta, a haɗe ta da wata ko a cire ta.

Daga nan sai murya. Shiga ɗaki mai labule da katifa, kashe fanka, ka ɗauki muryarka da waya, kana ɗan dakatawa bayan kowace jimla. Saurara da agogo a hannu, ka rubuta tsawon kowace ɗaya, misali daƙiƙa 7, 8, 9, 8, 7 da 6. Dalilin fara wa da murya shi ne, siffa ana iya rage mata gudu ko a ƙara ba tare da an lura ba, amma murya idan aka ja ta ko aka matse ta, kunne yana ganewa nan take.

Yanzu buɗe PowerPoint. Tun kafin ka sa komai, daidaita girman shafi a Design, Slide Size. Idan a waya za a kalla, shafi a tsaye ko mai tsawo da faɗi daidai ya fi cika fuskar wayar. Wanda ya canza girman bayan ya gama aiki zai tarar siffofinsa sun ƙanƙance ko sun kauce daga wurarensu.

Mutum da'ira ce a kan dogon murabba'i. Riƙe Shift yayin jan da'irar don ta fita zagaye sosai, sannan ka zaɓi kai da jiki ka danna Ctrl+G su zama abu ɗaya. Sauro ƙaramar alwatika ce baƙa, ƙwayar cuta kuma ɗigo ja. Launi uku sun isa, kuma kowane da ma'anarsa: shuɗi lafiya, ja cuta, baƙi sauro. Muddin ka ba ja ma'anar cuta, kada ka sake amfani da shi don ado, domin mai kallo zai ɗauka cutar ce ta bayyana a wurin.

Asirin motsin yana cikin abin da ake kira Morph, wanda ke cikin PowerPoint 2019 da waɗanda suka biyo bayansa, da kuma Microsoft 365. Masu amfani da Keynote suna da makamancinsa mai suna Magic Move. Ga yadda yake aiki. A shafi na farko, sauro yana can sama a kusurwa. Kwafi shafin gaba ɗaya da Ctrl+D, a kan kwafin ka ja sauron ka ɗora shi a kafaɗar mara lafiya, sai ka je Transitions ka zaɓi Morph. Manhajar za ta dubi inda sauron yake a da, da inda yake yanzu, ta cike tafiyar da ke tsakani da kanta, tana farawa a hankali tana tsayawa a hankali. Haka za ka ci gaba. A shafi na uku ɗigo ja yana kan sauro, ka ƙara masa girma don nuna ƙwayar tana girma. A na huɗu sauron ya koma wurin mai lafiya. A na biyar launin mutumin ya juya daga shuɗi zuwa ja. A na shida ya koma shuɗi, wani murabba'i mai shara-shara ya sauko ya rufe shi, sauron ya tsaya a waje.

A kowane shafi abu ɗaya kawai zai motsa, ko biyu idan tare suke tafiya. Ido yana bin abin da ke motsi, saboda haka idan sauro yana tashi, rubutu yana shigowa, kibiya tana juyawa, mai kallo zai bi ɗaya ya rasa sauran, wataƙila ma ya rasa wanda ya fi muhimmanci.

Kuskuren da aka fi yi da Morph yana da alama bayyananniya: maimakon sauron ya yi tafiya, sai ya dushe a nan ya ɓullo a can. Wannan na nufin manhajar ba ta gane cewa abu ɗaya ba ne, galibi saboda an zana sabo maimakon a kwafi shafin. Maganinsa shi ne ka buɗe Selection Pane, ka ba siffar suna iri ɗaya a shafukan biyu, mai farawa da alamar motsin rai biyu, kamar `!!sauro`. Da wannan dabara har da'ira tana iya rikiɗa ta koma murabba'i.

Saura haɗa murya da hoto. Sa muryar a shafi na farko ta Insert, Audio, ka zaɓi Play in Background don ta ci gaba har ƙarshe. A Transitions akwai wurare biyu: Duration, tsawon motsin, da After, zaman da shafin zai yi kafin ya wuce. Jimlar biyun ce za ta yi daidai da tsawon maganar. Ga jimla mai daƙiƙa 8, ba motsi 2, zama 6. Wanda ya manta ya sa 8 a After zai ga hoto yana ƙara yin baya da daƙiƙa biyu a kowane shafi, har murya ta kai ga gidan sauro alhali sauron bai gama cizo ba.

Rubutu a fuskar bidiyo kada ya wuce kalma uku ko huɗu, manya. Ga mai rubutu da Hausa akwai ƙarin tarko: wasu nau'o'in haruffa ba su da ɓ, ɗ da ƙ, sai su fito a matsayin akwati ko su sha bamban da sauran. Gwada rubuta "ƙwayar zazzaɓi" tun farko. Noto Sans da Andika suna ɗauke da su duka.

A ƙarshe je File, Export, Create a Video, ka zaɓi HD (720p), wanda ya ishi waya kuma ba ya cin data da yawa, ka tabbata an zaɓi Use Recorded Timings and Narrations. Za ka sami fayil na MP4. Tura shi wayarka ka kalla a can, domin layin da ya fito sarai a kwamfuta yana iya ɓacewa a ƙaramar fuska, musamman bayan WhatsApp ya matse bidiyon.

Wannan hanya tana da iyaka. Ba za ta ba ka mutum mai tafiya da ƙafa ko baki mai motsi da magana ba, kuma Morph a miƙe yake kai abu daga wuri zuwa wuri. Idan kana son sauron ya yi shawagi, sai ka koma Animations ka zana masa hanya da Motion Paths. Kafin ka rarraba bidiyon, kashe sautin ka nuna wa wanda bai san batun ba, ka ce ya ba ka labarin abin da ya gani. Shafin da ya yi tuntuɓe a kansa, shi za ka koma ka gyara.