Saƙon Kayan da Aka Ce An Riƙe

Damfarar takan fara ne da saƙon waya da sunan kamfanin kai kaya kamar DHL, a ce an riƙe wani ƙunshi sai an biya ɗan kuɗi, misali naira 500. Ƙanƙantar kuɗin ita ce tarkon. Shafin da saƙon ke kai mutum yakan nemi lambar katin banki da lambobi 3 na bayansa, sannan lambar sirrin da banki ke turowa. Da waɗannan ɓarayi ke kwashe asusu.

Ana gane ƙaryar daga adireshin shafin, domin yakan saɓa da na kamfanin ko da da harafi ɗaya. Wanda ya riga ya bayar da bayanansa, ya kira bankinsa nan take a toshe katin.