Yadda Ake Adana Katin Tarawa Ya Shekara Bai Lalace Ba

Katunan Pokémon, waɗanda aka fara fitarwa a Japan a 1996, da na Magic: The Gathering na 1993, da na 'yan ƙwallo, duk darajarsu a kasuwa tana rataye ne a kan lafiyar jikinsu. Kati biyu iri ɗaya, ɗaya a miƙe da launinsa, ɗaya a kantare ya koɗe, kuɗinsu ba ya zuwa ɗaya. Abin da ke lalata su kuwa sananne ne: kati takarda ce, takarda kuma tana shan laima ta kumbura, tana bushewa ta tsuke.

An fi ganin wannan a katin mai ƙyalli. Fuskarsa shimfiɗe take da siririyar leda mai sheƙi wadda ba ruwanta da laima, bayansa kuwa takarda ne. Idan iska ta yi danshi, bayan ya miƙe, fuskar ta tsaya yadda take, sai gefunan katin su ɗago ta wajen hoton. Idan iska ta bushe ƙwarai, bayan ya tsuke, sai hoton ya yi doro. Saboda haka wajen da katin ya lanƙwasa shi ke gaya maka ciwonsa.

Ɗauki misalin wanda ya ajiye irin wannan kati a aljihun tebur a Kano. A watan Agusta, da damina ta kankama, zai ga gefunan sun ɗago. A Janairu, da hunturu ya busar da komai, zai tarar da shi ya yi doro. Danne shi da littafi mai nauyi ba ya magani, domin da an ɗaga zai koma. Maganin shi ne a sa shi a mazubin roba mai murfin da iska ba ta shiga. Idan na damina ne, a haɗa shi da ƙunshin silika, ƙwayoyin nan masu tsotse laima da ake samu a kwalin sabon takalmi, a riƙa dubawa kullum har ya miƙe, sannan a cire silikar. Idan na hunturu ne, silika ƙara masa ciwo za ta yi. Shi yana bukatar ƙunshin daidaita laima, irin na kamfanin Boveda mai lamba 49, wanda ke sakin danshi ko tsotse shi gwargwadon bukata. Abin nema shi ne laimar cikin mazubin ta zauna tsakanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari. Ƙaramar na'urar auna laima da aka jefa ciki za ta nuna. Da ta zarce kashi 65 ta daɗe a nan, fumfuna ta samu gida, alamarta kuwa warin rima da ɗigo-ɗigon ruwan kasa a bayan katin.

Sai batun riga. Katin Pokémon da na Magic faɗinsu milimita 63 ne, tsawonsu 88, na Yu-Gi-Oh! kuwa 59 da 86, don haka kowanne da girman ledarsa. Masu tarawa kan sa riga biyu. Ta ciki mai kama jiki ana zura ta daga saman katin, bakinta ya kalli ƙasa. Ta waje kuma bakinta ya kalli sama. Ta haka ƙura da gumin hannu ba su da hanya miƙaƙƙiya zuwa ga takardar. Mai tsada sai a ƙara masa kube na roba mai tauri, amma kada a zura kati tsirara a cikinsa, yana goge fuskar. A duba kwalin ledar a tabbata ba ta PVC mai laushi ba ce, domin ita da daɗewa tana fitar da maiƙo ya manne wa tawada. Kuma kada a rufe kati a riga ranar da iska ke da danshi, don an kulle shi ke nan tare da laimarsa.

Lanƙwasa tana gyaruwa, koɗewa ba ta gyaruwa. Hasken rana da na doguwar fitilar lantarki suna cin tawada sannu a hankali, ja da rawaya su fara tafiya, hoton ya koma shuɗi-shuɗi. Leda ta yau da kullum ba ta tare wannan haske, duhu ne kawai ke tare shi.

A jera katunan a tsaye cikin akwatin, ba a matse ba, ba kuma a sake har su kishingiɗa ba, kuma ban da ɗaure su da robar kuɗi. A ɗora akwatin a kan kanta a ɗaki na ciki, nesa da daɓe, da bangon da ke tsatsafo, da rufin kwano mai zafi. A buɗe shi a karanta na'urar sau biyu a shekara, farkon damina da farkon hunturu, domin a nan ne ake sauya ƙunshin da ke ciki.