Sikeli ya ce lafiya, tef ɗin tela ya ce da saura: abin da likita ya rubuta wa yayana kan faɗin ƙugu

A watan da ya gabata yayana ya je asibiti domin gwajin lafiyar da wurin aikinsa ke buƙata duk shekara. Shekarunsa 41, ma'aikacin ofis ne, ba ya shan taba, kuma babu wanda zai gan shi cikin babbar riga ya kira shi mai ƙiba. Ya hau sikeli, aka samu kilo 70. Aka auna tsawonsa, santimita 172. Ma'aikaciyar jinya ta rubuta BMI 23.7, ta ce masa nauyinsa daidai yake. Da ya shiga wurin likita kuwa, sai likitan ya ɗauko tef irin na tela daga aljihun tebur, ya ce ya ɗaga rigarsa, ya zagaya masa shi a ciki. Aka samu santimita 96.

Layin marasa lafiya ya yi tsawo a ranar, don haka likitan bai tsaya dogon bayani ba. Ya rubuta masa ƴar takarda a bayan fom ɗin gwaji, ya ce ya karanta a gida. Yayana ya turo mini hotonta yana tambaya ko dai likitan na neman a ƙara kashe kuɗin gwaji ne kawai. Na zauna na bi abin da ke cikinta layi-layi, kuma da izininsa nake bayyana shi a nan, domin ina ganin akwai irinsa da yawa a cikin masu karatu.

Abu na farko da takardar ta yi shi ne ta amince da cewa lissafin ma'aikaciyar jinya daidai ne. Ma'aunin BMI ana samun sa ne ta hanyar raba nauyin mutum a kilo da tsawonsa a mita wanda aka ninka da kansa. Ga yayana, 1.72 sau 1.72 ya ba da 2.96, idan aka raba 70 da shi a samu 23.7. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar 18.5 zuwa 24.9 a matsayin nauyin da ya dace ga baligi, saboda haka yana cikin iyaka. Sai dai likitan ya ja layi a ƙarƙashin wata jimla guda, inda ya ce sikeli yana faɗin yawan nauyi ne, ba ya faɗin abin da ya yi nauyin, balle inda yake zaune a jiki.

Wannan gazawa tana cikin asalin ma'aunin. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Beljiyam, Adolphe Quetelet, ne ya fito da shi a shekarun 1830 yana nazarin siffar jikin jama'a a dunƙule, kuma sai a 1972 masanin Amurka Ancel Keys ya raɗa masa sunan da ake kiran sa da shi a yau. Yana da amfani idan ana son sanin halin da al'umma gaba ɗaya take ciki. Idan aka zo kan mutum ɗaya, ƙashi da tsoka da ruwa da kitse duk kilo ne a wurinsa. A ɗauki ɗan dako a kasuwar hatsi mai kilo 70 da tsawon santimita 172, ƙugunsa 80. BMI ɗinsu ɗaya da yayana har zuwa ɗigo. Amma nauyin ɗan dakon yana kafaɗa da cinya, na yayana kuwa ya tattaru a ciki bayan shekaru goma sha biyar na zaman kujera, yayin da tsokar hannu da ƙafa take ta raguwa. Ragin can da ƙarin nan suka yi daidai, shi ya sa sikeli bai motsa ba, ko da yake tela ya buɗa masa wando sau biyu.

Mafi tsawon sashe na takardar ya tsaya kan dalilin da ya sa kitsen ciki ya bambanta da sauran. Kitse iri biyu ne a wannan magana. Akwai wanda ke ƙarƙashin fata, wanda mutum zai iya damƙa da yatsu a cinya ko ɗuwawu, kuma shi mafi yawa ajiya ce da ke zaune shiru. Akwai kuma wanda ke can cikin kogon ciki, a bayan tsoka, yana lulluɓe da hanji. Shi ne ke sa tumbi ya fito ya yi tauri kamar ganga, kuma ba a iya damƙarsa. Wannan na biyun ba ya zama shiru. Yana sakin maiƙo da wasu sinadarai masu tayar da kumburi cikin jini, kuma jinin da ya fito daga wannan yanki yana bin wata babbar jijiya ne da ke kai shi hanta kai tsaye kafin ya zagaya sauran jiki.

Hanta ita ce ke daidaita sukarin jini tsakanin cin abinci da cin abinci. Idan an ci, sinadarin insulin yakan umarce ta da ta daina zuba sukari a jini. Hantar da maiƙo ya yi wa yawa takan fara yi wa wannan umarni kunnen ƙashi, ta ci gaba da zuba sukari, ta kuma ƙara yawan maiƙon da take turawa cikin jini. Jiki sai ya ƙara yawan insulin domin ya shawo kanta, kuma yana iya yin hakan shekaru da dama ba tare da mutum ya ji komai ba. Ranar da ya gaza, ciwon suga ya bayyana. Hawan jini da toshewar jijiyoyin zuciya da shanyewar ɓarin jiki suna yawan bin wannan hanya ɗaya.

Na duba ko akwai hujja bayan wannan bayani, ko kuwa ra'ayin likita ɗaya ne. Binciken INTERHEART, wanda Farfesa Salim Yusuf ya jagoranta a ƙasashe 52, ya wallafa sakamako a 2005 da ya nuna cewa kwatanta ƙugu da faɗin ɗuwawu ya fi BMI nuna wanda bugun zuciya zai iya samu. A 2008 binciken EPIC, wanda ya bi mutane kimanin 359,000 a Turai, ya gano cewa a tsakanin masu BMI iri ɗaya, waɗanda ƙugunsu ya fi faɗi sun fi fuskantar mutuwa da wuri. Zargin da yayana ya yi wa likitan bai tsaya ba.

To nawa ne ya yi yawa? Likitan ya rubuta lambobi biyu. Ga namiji, haɗari na fara ƙaruwa daga santimita 94, ya tsananta daga 102. Ga mace, daga 80, ya tsananta daga 88. A nan akwai abin da ya kamata mai karatu ya sani: an ɗauko waɗannan iyakoki ne daga binciken da aka yi kan Turawa, kuma Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ce a yi amfani da su ga mutanen Afirka kudu da Sahara har zuwa lokacin da za a samu namu. Mutanen kudancin Asiya suna da tasu iyakar, 90 ga maza. Mu har yanzu aron ma'auni muke yi, kuma tambaya ce da ta cancanci a yi wa masu raba kasafin binciken lafiya.

Wataƙila shi ya sa likitan ya fi jingina kan hanya ta biyu, wato kada ƙugu ya kai rabin tsawo. Hukumar NICE ta Birtaniya ta shigar da wannan cikin jagorarta a 2022: idan aka raba ƙugu da tsawo, 0.4 zuwa 0.49 lafiya ne, 0.5 zuwa 0.59 haɗari ya ƙaru, 0.6 zuwa sama kuwa ya yi tsanani. Amfaninta shi ne tana la'akari da tsawo, domin santimita 92 a jikin dogon mutum ba ɗaya ba ne da 92 a jikin gajere. Rabin tsawon yayana 86 ne, ƙugunsa 96, wato 0.56. Ya zarce da santimita goma. Wanda ba shi da tef ma zai iya yanko zare daidai tsawonsa, ya ninka shi biyu, ya zagaya cikinsa. Idan bakunan ba su haɗu ba, ya zarce.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wurin aunawa. Yawancin maza suna ɗaukar lambar wandonsu a matsayin ƙugu, alhali wando yakan sauka ƙasan tumbi, ya ɓoye santimita da yawa. Yayana kansa ya rantse mini cewa wandonsa inci 34 ne, wato kimanin santimita 86, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai ba nan ake awo ba. Ana tsayawa ne a miƙe, a laluba haƙarƙarin ƙarshe da saman ƙashin kwankwaso a gefen jiki, a ɗora tef a tsakiyarsu, wanda ga mutane da yawa yakan faɗa kusa da cibiya ko ɗan sama da ita. Tef ɗin ya kwanta a kan fata ba tare da ya nutse ba, kada ya karkace ta baya, a karanta bayan an fitar da numfashi yadda aka saba, ba tare da tsuke ciki ba. A maimaita sau biyu, kuma zai fi kyau da safe kafin a ci abinci.

Awon yana da iyaka, kuma takardar ba ta ɓoye ba. Ba ya aiki ga mai juna biyu, iyakokin santimita da aka ambata kuma na manya ne. Tef ba ya bambanta kitsen ƙarƙashin fata da na can ciki, alama kawai yake bayarwa. Mafi muhimmanci, ba kowane babban ciki ne kitse ba. Cikin da ya kumbura cikin ƴan makonni, tare da kumburin ƙafa, ko rama, ko idanu su yi rawaya, yana iya zama ruwa ne da ya taru saboda ciwon hanta ko zuciya ko ƙoda, kuma wannan maganar asibiti ce ta gaggawa.

Saboda haka likitan bai ce yayana yana da cuta ba. Ya ce awon ya isa dalilin a ƙara bincike, ya rubuta gwajin sukarin jini na kafin karin kumallo da na maiƙon jini. Sukarin ya fito 108 mg/dL. A ma'aunin Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka, ƙasa da 100 lafiya ne, 126 zuwa sama idan an maimaita ciwon suga ne, tsakaninsu kuwa matakin gargaɗi ne da ake iya juyawa. Da an tsaya kan BMI, da babu wanda zai tura shi wannan gwaji.

Shawarar da ke ƙarshen takardar gajeriya ce. Tafiyar sauri ta minti 30 sau biyar a mako, wadda ta yi daidai da minti 150 da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara, da motsa jiki mai ƙarfafa tsoka sau biyu a mako. Ya bar lemon kwalba, ya rage sukarin shayi, ya rage malmalar tuwon dare ya ƙara miyar ganye da wake. Likitan ya kuma gargaɗe shi da kada ya ɓata kuɗi kan ɗamarar matse ciki ko shayin rage tumbi da ake tallatawa, kuma ya sani atisayen lanƙwasa ciki yana ƙarfafa tsoka ne, ba ya zaɓar kitsen wurin ya ƙona. Ya ƙara da cewa kitsen cikin ciki yakan amsa motsa jiki da wuri, har ƙugu ya ragu alhali sikeli bai nuna wani canji sosai ba, don haka kada ya auna ci gabansa da kilo.

Ya ba shi wata uku ya dawo a sake gwajin sukari, ya kuma ce ya riƙa auna ƙugunsa ranar ɗaya ga kowane wata yana rubutawa a bayan takardar. Layin farko yana nan da rubutun likita, 96, sauran ukun babu komai tukuna.