Yadda ake sanya jigon kalma a kanun labari ba tare da cusa ta ba

A ranar 11 ga Yulin 2024, Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Tun daga lokacin, matasa a Jigawa ke tambayar inda kuɗin ke shiga. Sabon marubucin da ya bi sawun kason Kiyawa, ɗaya daga ƙananan hukumomi 27 na jihar, zai iya kammala bincike mai nauyi, amma mutanen Shuwarin da Katanga su kasa ganinsa saboda kanun da ya ba shi.

Jigon kalma ita ce kalma ko gajeren furucin da mai nema ke rubutawa a Google. Ba lallai ta yi daidai da harshen takardun gwamnati ba. Jami'i zai ce "rabon arzikin ƙasa", amma matashin da ke riƙe da waya ya fi kusa da rubuta "kuɗin ƙaramar hukumar Kiyawa". Wannan furucin shi ne jigon, kuma guda ɗaya ya isa kowane labari.

Kuskuren sabon shiga shi ne zaton cewa maimaici na ƙara wa labari daraja. Sai ya rubuta: "Kiyawa: Kuɗin Kiyawa, kason Kiyawa, kuɗin ƙaramar hukumar Kiyawa, sabon labari". Sunan garin ya fito sau huɗu, amma babu aikatau, babu tambaya, babu abin da aka gano. Google ya lissafa irin wannan cushe cikin dabarun yaudarar da ƙa'idojinsa suka hana, kuma yana iya rage wa labarin matsayi. Haka kuma, kamfanin ya bayyana a 2021 cewa yakan sauya kanun da aka cika da kalmomi da wani rubutu daga cikin labarin. Wanda ya yi cushe ke nan yana iya rasa ikon zaɓen abin da mai karatu zai fara gani.

Gyaran na farawa ne da faɗin labarin a jimla ɗaya, kamar yadda za a faɗa wa aboki a majalisa. Idan binciken a kan wanda ke sa hannu a fitar da kuɗin ne, kanun zai iya zama: "Kuɗin ƙaramar hukumar Kiyawa: wa ke riƙe da asusun?" Jigon ya zo sau ɗaya, a farko, sauran kanun kuma ya nuna abin da mai karatu zai samu.

Sanya shi a farko na da dalili. Google kan datse dogon kanu gwargwadon faɗin fuskar waya ko kwamfuta, shi ya sa masu sana'ar ke tsayawa tsakanin haruffa 50 zuwa 60. Kanun da aka gyara haruffa 51 ne har da tazarar kalmomi, kuma jigon ya ƙare a na 28. Ko an datse wutsiyar, kan yana nan. Sai dai idan jawo jigon gaba zai karya jimlar Hausa, gara a bar shi a tsakiya. Gwajin mai sauƙi ne: a karanta kanun da murya. Abin da mai karanta labarai a rediyo zai yi tuntuɓe a kansa bai zauna ba.

Ba kowane ƙari ne cushe ba. Sarkin Ƙaura Namoda a Zamfara yana riƙe da sarautar Sarkin Kiyawa, don haka ambaton Jigawa sau ɗaya na iya raba gardama. Amma jera "kuɗin" da "kudin" a kanu guda, don kamo masu rubutu ba lanƙwasa, cushe ne. A tsaya kan daidaitacciyar Hausa. Makusantan kalmomi irin su "kaso" da "asusun haɗin gwiwa" kuwa, wurinsu cikin labarin ne.

Bayan wallafawa, Google Search Console na nuna kalmomin da mutane suka nema, sau nawa labarin ya bayyana, da sau nawa aka latsa shi. Idan yana yawan bayyana a sahun gaba amma ba a latsawa, jigon ya yi daidai, ragowar kanun ce ba ta ja hankali. Idan kuwa da wasu kalmomi dabam ake samunsa, a sake duba zaɓen jigon.

Akwai iyakar da ba a ƙetarewa. Kalmar "badaƙala" na jan jama'a, amma idan takardun da ke hannu ba su tabbatar da ita ba, sanya ta a kanu na iya kai marubuci kotu kan ɓata suna. Kanu ba ya faɗin abin da labarin bai iya karewa ba.